Rahoton Mutuwar Manhaja: Yadda Ake Karanta Shi Idan Mai Waya Bai Ce Komai Ba

Duk wanda yake haɗa manhajar waya, ko yake taimaka wa masu amfani da ita, ya san wannan irin saƙo. Fayil ne guda zai shigo, a ƙarƙashinsa kalmomi uku ko huɗu: "Ba ta aiki, a duba." Ba a faɗi sunan waya ba, ba a faɗi wane Android ke kanta ba, ba a faɗi abin da ake yi sa'ad da manhajar ta rufe kanta ba. Wani lokacin ma ko waɗannan kalmomi babu, fayil ɗin ne kawai. Mai turowa ba rowar bayani yake yi ba. A ganinsa ya riga ya ba da duk abin da yake da shi, tunda an ce ya turo rahoto, ga shi ya turo. Sau da yawa kuma yana bakin aiki ne, da layin jama'a a gabansa, ba shi da lokacin dogon rubutu.

Amsoshi biyu aka fi bayarwa a nan, kuma dukansu ba su gamsar da ni ba. Ta farko ita ce a mayar masa da jerin tambayoyi goma sha, waɗanda bai san amsar rabinsu ba, daga nan a daina jin ɗuriyarsa. Ta biyu ita ce a leƙa layin farko na rahoton, a yanke hukunci, a ce ya goge hotuna ko ya kai wayar a yi mata filashin. Akwai hanya ta uku wadda ta fi su amfani: a zauna a karanta fayil ɗin da kyau, a fitar da abin da ya faɗa ƙarara, a ware abin da aka hakaito daga gare shi, sannan a tambayi mai waya abin da ya rage kawai. Abin da zai rage yawanci bai wuce tambaya biyu ko uku ba.

Zan ɗauki rahoto guda na wayar Android in bi shi layi-layi, domin a ga yawan abin da ke ɓoye a cikin 'yan layuka takwas ko tara.

Nemo wurin da abin ya faru

Android yana da kundin da yake rubuta abin da ke gudana a cikin waya, ana kiransa `logcat`. Kowace manhaja tana zuba nata bayani a ciki, shi ma tsarin wayar yana zuba nasa, saboda haka fayil ɗin da za a turo maka yana iya kaiwa layi dubbai. Kowane layi yana ɗauke da harafin da ke nuna nauyinsa: `I` bayani ne kawai, `W` gargaɗi, `E` kuskure. Sabon shiga yakan ga tarin layuka masu `E` sai hankalinsa ya tashi. To, ko lafiyayyar waya tana fitar da irin waɗannan layuka da yawa a kowane yini ba tare da wani abu ya mutu ba. Ba a nan gizo ke saƙa ba.

Abin da za ka nema a cikin fayil ɗin shi ne kalmomin `FATAL EXCEPTION`. Su ne alamar cewa manhaja ta ci karo da kuskuren da ba a tanadi yadda za a tare shi ba, tsarin wayar kuma ya kashe ta. A daidai wannan lokaci ne mai waya yake ganin saƙon `has stopped` ko `keeps stopping` a allonsa. Idan ka samu wurin, kada ka fara karanta kuskuren tukuna. Dubi layin da ke biye, mai farawa da `Process`, ka tabbatar sunan manhajar da ake kuka a kanta ne. Yana faruwa a tarar da mutuwa biyu ko uku a fayil guda, ɗaya ta wata manhaja dabam da ta mutu a ɓoye da asuba, mutum ya ɓata yini yana binciken abin da ba a tambaye shi ba.

Ga rahoton da za mu yi aiki da shi. Sunan manhajar na misali ne, na kuma cire lokaci da lambobin layi na fayilolin Android don ya taƙaita:

```
FATAL EXCEPTION: main
Process: com.example.rajista, PID: 8123
java.lang.OutOfMemoryError: Failed to allocate a 51916812 byte allocation with 16777216 free bytes and 32MB until OOM
  at dalvik.system.VMRuntime.newNonMovableArray(Native Method)
  at android.graphics.BitmapFactory.nativeDecodeStream(Native Method)
  at android.graphics.BitmapFactory.decodeFile
  at com.example.rajista.HotoActivity.onActivityResult(HotoActivity.java:88)
  at android.app.Activity.dispatchActivityResult
```

Layi na uku shi ne sunan kuskuren da bayaninsa. Layukan da ke ƙasa, masu farawa da `at`, jerin ayyukan da manhajar take cikin yi ne a lokacin. Na sama shi ne na ƙarshe da aka shiga, wanda numfashi ya ɗauke a kansa. Na ƙasa shi ne wanda ya kira na samansa. Don haka wanda yake son labarin yadda abin ya gudana daga ƙasa zai faro ya hau sama.

Me mutumin yake yi?

Mu faro daga ƙasan. Layin `dispatchActivityResult` na Android ne, kuma ma'anarsa ita ce tsarin wayar yana miƙa wa manhaja sakamakon wani aike. A Android, idan manhaja tana buƙatar hoto, ba dole ne ta ɗauka da kanta ba. Takan aiki kyamarar waya ko ma'ajiyar hotuna, mutum ya ɗauka ko ya zaɓa, sannan a dawo mata da abin da aka samo. Ƙofar da ake dawowa ta cikinta ita ce `onActivityResult`, ga ta nan a layin da ke sama.

Wannan layi na biyu daga ƙasa ya fi kowanne daraja ga mai gyara, domin shi kaɗai ne yake ɗauke da sunan manhajar kanta. Sauran duk na Android ne. Ya gaya mana fayil ɗin da abin ya faru a cikinsa, `HotoActivity.java`, da lambar layin, 88. Ƙa'ida ce mai sauƙi: ka sauko daga sama har ka iske layin farko mai sunan manhajar, a nan ne hannun mai haɗa ta ya taɓa abin da ya fashe.

Layin da ke samansa, `decodeFile`, yana nufin manhajar ta ce a buɗe mata fayil ɗin hoto a mayar da shi hoton da za a iya nunawa a allo. Ke nan, tun mai waya bai buɗe baki ba mun san abin da yake yi: ya fita daga manhajar ya je ɗauko hoto, yana dawowa da shi ta rufe. Ba lokacin buɗe manhajar ba ne, ba lokacin tura bayanai ta intanet ba ne. Duk wanda ya ce masa matsalar daga layin waya take, ko datarsa ce ta ƙare, bai karanta rahoton ba.

Lambar da take tona asiri

Yanzu mu koma layi na uku. `OutOfMemoryError` yana nufin wurin aiki ya ƙare wa manhaja. Ta nemi bayit 51,916,812 a dunƙule, wato kusan megabayit 50, alhali abin da ya rage mata kafin ta kai iyakar da aka yanka mata megabayit 32 ne. Abin da aka nema ya fi abin da ya rage, shi ke nan sai mutuwa.

Da yawa sukan tsaya a nan, amma lambar nan mai tsawo tana da sauran magana. Idan Android zai buɗe hoto, a yadda aka saba, kowane ɗigo na hoton, wato fiksel, yana cin bayit 4: ɗaya na ja, ɗaya na kore, ɗaya na shuɗi, ɗaya kuma na yadda ake iya hango abin da ke bayansa. Cire bayit 12 daga lambar, waɗanda tsarin yake ƙarawa a matsayin kan bayani, sai a samu 51,916,800. Raba da 4, ka samu fiksel 12,979,200. Wannan kuwa shi ne daidai 4160 sau 3120, girman hoton da kyamarori masu megafiksel 13 da yawa suke fitarwa.

Ka ga lamba guda ta ba mu girman hoton, ta kuma nuna cewa manhajar ta yi ƙoƙarin buɗe shi gaba ɗayansa ba tare da ta rage shi ba. A nan ne mai waya yakan yi gardama, kuma yana da dalili. Zai ce ya duba hoton, bai wuce megabayit uku ko huɗu ba, ina aka samo hamsin? Amsar ita ce fayil ɗin `JPEG` a matse yake. Kamar tabarma ce: a naɗe tana tsayawa a lungun ɗaki, amma in za a zauna a kanta sai an samu filin da za a shimfiɗa ta duka. Hoto ma ba ya nunuwa a allo sai an warware shi, kuma girmansa a warware ya dogara ne da yawan fiksel, ba da nauyin fayil ba.

Daga nan kuma za a gane dalilin da ya sa shawarar "goge hotuna da bidiyo" ba za ta yi magani ba. Waya tana da wuri iri biyu. Akwai ma'ajiya inda fayiloli suke kwance, akwai kuma memorin aiki, wato `RAM`, inda manhaja take shimfiɗa abin da take aiki da shi a yanzu. A cikin memorin aikin ma, Android ba ya sakar wa manhaja guda duka. Kamfanin da ya ƙera wayar yakan yanka wa kowace manhaja iyakarta, kuma iyakar ta ƙananan wayoyi ta fi ƙanƙanta. Wannan iyaka ce aka buga a rahotonmu. Ko da mutum zai share duk abin da ke ma'ajiyarsa, iyakar tana nan yadda take. Filashin ma haka: za a goge masa komai, ya biya kuɗi, ya dawo ya ɗauki hoto, manhajar ta sake rufewa. Wannan asara ce da karatun minti biyar zai hana.

Wane Android ne?

Rahoton irin wannan ba ya ɗauke da sunan waya. Duk da haka ana iya kusantar zamaninta daga yadda aka rubuta shi.

Jimlar `Failed to allocate a ... byte allocation` ta injin da ake kira `ART` ce, wanda ya zama injin gudanar da manhajoji tun daga Android 5.0 a shekarar 2014. Tsofaffin wayoyi da suka gabace shi ba da wannan lafazi suke kawo kuskuren ba. Wannan ya ba mu iyaka ta ƙasa. Iyaka ta sama kuma tana layin `newNonMovableArray`. Wannan layi yana nuna ana nema wa fiksel ɗin hoton wuri ne a cikin rabon da aka yanka wa manhajar. Daga Android 8.0, wanda ya fito a 2017, an sauya tsarin, fiksel ɗin hoto suka koma wani sashe na memori da ba ya cikin wannan rabo. Saboda haka ganin wannan layi a ƙarƙashin buɗe hoto yana nuna wayar tana tsakanin Android 5.0 da 7.1.

Wannan ba ƙaramin sani ba ne. Ya bayyana dalilin da zai sa mai haɗa manhajar ya rantse cewa ya gwada a wayarsa komai lafiya. Gaskiya ya faɗa: wayarsa sabuwa ce, wannan kuskure ba zai fito mata da wannan siffa ba. Amma a wurarenmu waya tana daɗewa a hannu, tana fita daga hannun wa ta koma na ƙane, ana kai ta kasuwa irin Farm Centre ta Kano a sauya mata allo da batir ta ci gaba da aiki. Wanda ya haɗa manhajar rajista ko ta tattara bayanai don ma'aikatan da ke shiga ƙauyuka, bai kuma gwada ta a tsohuwar waya ba, bai gama gwaji ba.

Idan aka yi sa'a abin da aka turo cikakken rahoto ne, wanda ake kira `bugreport`, ba a buƙatar duk wannan hakaitowa. A kusa da farkonsa akwai layin `Build fingerprint`, wanda yake jera sunan kamfani, samfurin waya da lambar Android, a rarrabe da alamar `/`. Haka kuma idan mutuwar ta faru ne a ɓangaren manhaja da aka rubuta da `C` ko `C++`, rahoton yakan zo da wata siffa dabam: ba `FATAL EXCEPTION`, sai layi irin `signal 11 (SIGSEGV)`, a samansa kuma akwai `Build fingerprint` da `ABI`. Idan `ABI` ya nuna `arm`, manhajar tana gudana ne a tsarin bit 32. Idan `arm64` ne, bit 64. Kafin a tambayi mutum sunan wayarsa, a fara neman waɗannan layuka.

Inda rahoton ya yi shiru

Sai a yi hattara a nan, domin daɗin gano abubuwa yakan ja mai karatu ya wuce gona da iri. Mu rarrabe abin da muka samu. Rahoton ya faɗa da kansa cewa wuri ne ya ƙare, ya faɗi adadin da aka nema da wanda ya rage, ya faɗi layi na 88, ya faɗi cewa hoto ake buɗewa bayan dawowa daga aike. Waɗannan tabbas ne. Girman hoton da zamanin Android kuwa mu muka fitar da su ta lissafi da sanin tarihin tsarin. Hujjarsu tana da ƙarfi, amma idan za a rubuta wa wani sai a ce "alamu sun nuna", kada a ce "rahoto ya ce".

Akwai kuma abin da babu shi sam. Ba mu san ko da kyamara aka ɗauki hoton a take ba, ko daga ma'ajiya aka zaɓo shi. Ba za mu iya cewa kyamarar wannan waya mai megafiksel 13 ce ba, domin ana iya ɗaukar hoton da wata waya a turo shi. Idan fayil ɗin da aka turo ya haɗa da layukan da suka gabaci mutuwar, ana iya warware wannan: a koma baya 'yan daƙiƙoƙi a nemi layi mai kalmar `START`. Idan yana ɗauke da `IMAGE_CAPTURE`, kyamara aka buɗe. Idan `GET_CONTENT` ko `PICK` ne, zaɓo hoto aka yi. Wannan ne ya sa yanke rahoto a turo layukan kuskure kawai yake rage masa amfani. Abin da ya faru daƙiƙa goma kafin mutuwa yakan fi mutuwar kanta bayani.

Babban giɓin shi ne wannan: rahoton ya ce saura megabayit 32, amma bai faɗi abin da ya cinye sauran ba. Labari biyu ne za su iya kawo mu nan. A na farko, rabon manhajar ƙarami ne tun asali, hoto guda mai megabayit 50 ya isa ya kashe ta a karon farko. A na biyu, rabon yana da ɗan yalwa, hoton farko ya shiga, na biyu ya shiga, amma manhajar ba ta sakin tsofaffin hotunan bayan ta gama da su, har wuri ya cike, na uku ko na huɗu ya rasa inda zai zauna. Rahoton da za a samu a duka biyun iri ɗaya ne, amma gyaransu ya bambanta. Sababbin Android sukan ƙara `growth limit` a ƙarshen wannan jimla, wanda yake faɗin iyakar gaba ɗaya, amma namu ba shi da ita. Mai waya ne kaɗai zai raba gardamar, da amsar tambaya guda: a hoton farko take rufewa, ko sai an yi rajistar mutane da dama?

A irin wannan kuskure, girman abin da aka nema shi ne ma'auni. Idan aka nemi megabayit 50 aka rasa, layin da rahoto ya nuna yana da hannu dumu-dumu, domin buƙatarsa ta yi yawa. Amma da za a ga an nemi 'yan bayit kaɗan, ko kilobayit biyu, aka rasa, to layin da aka nuna ba shi da laifi. Shi dai ya zo ne a lokacin da wani ya riga ya cinye wurin. Wanda ya je yana gyaran wannan layi zai sha wahalar banza, gobe kuma mutuwar ta ɓullo a wani layi dabam.

Wasu tarkuna biyu sun cancanci a ambace su a gurguje. Wasu rahotannin suna da layi mai farawa da `Caused by:` a can ƙasa, wani lokacin fiye da ɗaya. Idan akwai shi, kuskuren da ke sama murfi ne kawai, asalin dalilin yana `Caused by:` na ƙarshe. Na biyu, manhajojin da aka saki ga jama'a yawanci an gajarta sunayen cikinsu da `R8` ko `ProGuard`, sai a ga layi kamar `a.b.c` a maimakon suna mai ma'ana. Mai haɗa manhajar ne kaɗai zai iya mayar da su, da fayil ɗin `mapping.txt` na wannan fitowa takamaimai. Na wata fitowar ba zai yi ba. Shi ya sa lambar fitowar manhaja take cikin abubuwan da dole a sani, ga shi kuma ba ta zuwa a cikin 'yan layukan kuskure.

Wani lokacin kuma za ka bincika fayil ɗin duka babu `FATAL EXCEPTION`, alhali mutum ya ce manhaja tana rufewa. Kada a ƙaryata shi. Idan memorin wayar gaba ɗaya ya yi ƙaranci, Android yakan kashe manhajar da ke baya don ya ba ta gaba wuri, ba tare da wani kuskure ba. Wannan yana yawan faruwa daidai lokacin da aka buɗe kyamara, domin kyamara tana da cin memori: mutum ya ɗauki hoto ya dawo, ya tarar fom ɗin da ya cika ya koma fari. A nan kalmomin da za a nema su ne `lowmemorykiller` ko `has died`. Idan kuma manhajar sandarewa ta yi har waya ta ce `isn't responding`, sai a nemi `ANR in`.

Gyara da amsa

A wajen mai haɗa manhaja, gyaran labari na farko sananne ne. Kafin a buɗe hoto, a fara tambayar girmansa kawai ta hanyar `inJustDecodeBounds`, wanda ba ya shimfiɗa fiksel ko ɗaya. Sannan a buɗe shi a rage:

```
BitmapFactory.Options o = new BitmapFactory.Options();
o.inSampleSize = 4;
Bitmap b = BitmapFactory.decodeFile(path, o);
```

Lambar 4 tana raba tsawo da faɗi kowanne gida huɗu, hoton ya koma 1040 sau 780. A bayit 4 kowane fiksel, wannan bayit 3,244,800 ne, kimanin megabayit 3, kashi ɗaya cikin sha shida na abin da aka nema da farko. Ga hoton fuska da za a manna a fom, wannan ya wadatar. Akwai masu gudun wannan aiki su kunna `largeHeap` don a ƙara wa manhajar rabo. Yana iya ɗaga mutuwar zuwa gaba, amma idan labari na biyu ne, wato ba a sakin tsofaffin hotuna, wurin da aka ƙara ma zai cike.

Shi kuma mai waya yana buƙatar abin da zai yi yau, kafin sabuwar fitowa ta iso. Idan ya shiga saitin kyamara ya rage girman hoto zuwa megafiksel 5 ko ƙasa, buƙatar za ta sauko zuwa kimanin megabayit 20, wanda zai shiga cikin 32 da suka rage. Amsar da za a tura masa ba ta buƙatar kalmar fasaha ko ɗaya:

"Malam, mun duba abin da ka turo. Manhajar tana rufewa ne lokacin da take buɗe hoto, saboda hoton ya yi mata girma. Wayarka lafiyarta lau, kada ka goge komai, kada kuma a yi mata filashin. Ka rage girman hoto a saitin kyamara ka sake gwadawa. Don Allah ka sanar da mu abu uku: a hoton farko take rufewa ko sai bayan an ɗauki da yawa? Da kyamara kake ɗauka ko daga cikin waya kake zaɓowa? Sannan ka turo hoton allon `About phone` da na `App info` na manhajar."

Mutum yana iya amsa waɗannan a tsaye, cikin minti guda, kuma kowace amsa tana cike wani giɓi da muka riga muka gano. Ya kuma ga an karanta abin da ya turo, wanda shi ne yake sa ya dawo da amsa.

Saura magana guda da ta shafi amana. Cikakken `bugreport` ba kuskuren manhaja kaɗai yake ɗauke da shi ba. Yana iya ƙunsar jerin manhajojin da ke wayar, sunayen hanyoyin `Wi-Fi` da aka taɓa hawa, adireshin imel na asusun da ke kanta, da wasu bayanai na sirri. Android da kansa yana gargaɗi a kan haka kafin a tura shi. Wanda aka turo wa ya karanta abin da ya shafi aikinsa, kada ya watsa fayil ɗin a zauren da kowa zai gani. Idan akwai kwamfuta a kusa, umarnin `adb logcat -b crash -d` yana fitar da sashen mutuwar manhajoji kaɗai, ba tare da sauran kayan ba.

Kai kuma mai karatu, ranar da aka ce ka turo rahoto, ka haɗa shi da layi uku na rubutunka: sunan wayarka, abin da ka danna na ƙarshe kafin manhajar ta rufe, da ko kullum take yi ko jefi-jefi. Ka faɗi misalin ƙarfe nawa abin ya faru, domin da lokacin ne za a nemo wurin a cikin dubban layuka. Kuma ka ɗauki rahoton nan take bayan ta rufe, saboda kundin wayar yana da iyaka, sababbin layuka suna ture tsofaffi, idan aka jima abin da ake nema zai goge.